Cd ɗina ya haura ɗaya, na abokin aikina 0.97, kuma ma'auninmu ɗaya ne

Sadiya Samaru: Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san harkar auna gudun ruwa a bututu su taimaka min, ranar Litinin zan miƙa rahoto. Mun yi gwajin benturi da manomita mai makuri. Faɗin bututun milimita 50, maƙogwaron milimita 25. Da muka buɗe bawul sosai, bambancin tsayin makuri a ƙafafu biyun ya kai milimita 100, tanki kuma ya tara lita 100 cikin daƙiƙa 40.5. Na yi lissafi Cd, wato ruwan da tanki ya tara a raba da wanda lissafi ya ce, ya fito min 1.01. Abokin aikina da muka tsaya gaban na'urar tare, da waɗannan alƙaluman dai, ya samu 0.97, ya ce in kwafi nasa kawai in huta. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Abba Kongo: Wa alaikumus salam. Nasa ne daidai mana, ai wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Cd ba ya wuce ɗaya, ruwan da ya fita ba zai fi wanda lissafi ya ce ba. Na benturi kullum 0.97 ne ko 0.98. Ki kwafa ki wuce wurin.

Nura Fulamba: Mita irin ta famfon gida kike nufi? In ita ce, waɗannan sai dai a canza, ba a gyara su. Akwai masu kyau a kasuwar Sabon Gari.

Sadiya Samaru: A'a Malam Nura, wannan ba ta da agogo ko farfela a ciki. Bututu ne kawai da aka tsuke wuyansa a tsakiya, aka huda ƙananan ramuka biyu, ɗaya kafin tsukewar ɗaya a daidai maƙogwaro. Daga ramukan aka ja tiyo zuwa gilashi mai siffar U da makuri a ciki.

Nura Fulamba: To, wannan ta 'yan boko ce. Na koma gefe ina kallo.

Injiniya Bala: Sadiya, kada ki kwafi komai tukuna. Turo min lissafinki layi-layi, ki turo nasa ma in yana hannunki. Abba ya yi gaskiya cewa 1.01 ba zai zauna ba, amma fitowar 0.97 ba ta nuna cewa an bi hanya daidai.

Sadiya Samaru: Ga nawa, Injiniya:

```
H = 0.100 × 12.6 = 1.26 m
v = √(2 × 9.81 × 1.26) = 4.97 m/s
A2 = π/4 × 0.025² = 0.000491 m²
Q = 4.97 × 0.000491 = 2.44 L/s
```

Na tanki kuma lita 100 raba 40.5, wato lita 2.47 a daƙiƙa. Na raba 2.47 da 2.44, shi ne ya ba ni 1.01. Nasa iri ɗaya ne da nawa, sai dai inda na sa 12.6 shi ya sa 13.6, Q ɗinsa ya fito 2.54.

Injiniya Bala: Madalla, yanzu an zo wurin. Ke abu ɗaya kika bari a baya. Shi kuwa biyu ya ɓata, sai ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri.

Bari in fara da wanda kuka yi tarayya a kai. Wannan lissafin na v da kika yi, yana ɗauka ne cewa ruwan a tsaye yake cik kafin ya shiga maƙogwaro, kamar ruwan babban tanki da aka huda wa rami a gindi. Alhali a bututunku ruwan da gudunsa ya iso. Faɗin maƙogwaro rabin na bututu ne, bakinsa kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne, don haka ruwan da ke cikin babban bututu yana tafiya da rubu'in gudun da zai yi a maƙogwaro. Bambancin matsin da manomita ta nuna miki, ba shi ne ya tayar da ruwan daga tsaye ba, ƙara masa gudu kawai ya yi a kan wanda ya zo da shi. Shi ya sa gudun maƙogwaro ya ɗara abin da kika samu. Ga yadda ake rubuta shi:

```
Q = Cd × A2 × √(2gH) / √(1 − β⁴)
β = d/D
```

A naku β ɗin, wato faɗin maƙogwaro raba faɗin bututu, 0.5 ne. Ki ninka shi sau huɗu a kansa ki samu 0.0625, ki cire daga ɗaya, ki ɗauki sukwaya rut, zai ba ki 0.968. Ki raba 2.44 ɗinki da shi ki faɗa min abin da kika gani.

Sadiya Samaru: 2.52. Sai 2.47 raba 2.52, ya zama 0.98. Kai, Alhamdu lillahi.

Abba Kongo: To ai ga shi nan, 0.98 da 0.97 duk kanwar ja ce. Kuma ni ban ga laifin 13.6 ba. Tun sakandare aka koya mana makuri ya fi ruwa nauyi sau 13.6. Ita daga ina ta samo 12.6?

Malam Tukur: Abba, ka taɓa tsayawa gaban gilashin nan ka duba abin da ke saman makurin? Shekaruna da yawa ina kula da ɗakin gwaji kafin in yi ritaya, kuma wannan tambayar kowace shekara sai an yi ta. Ba iska ce a saman makurin ba, ruwa ne, ya cika tiyo biyun tun daga bututu har ya zauna a kan makurin. A ƙafar da matsi ya fi yawa makuri ya sauka. Wurin da ya bari, me ya cike shi? Ruwa. To in ka ja layi a daidai saman makurin da ya sauka, gefe ɗaya akwai milimita 100 na makuri a saman layin, ɗaya gefen akwai milimita 100 na ruwa. Ruwan ma yana da nasa nauyin, yana taya dannawa. Abin da bambancin matsi ya ɗauka shi ne ragowar, 13.6 a cire 1.

In da iska ce ke bi ta bututun, sai ka sa 13.6 ɗinka a lissafin matsi babu mai ce maka uffan, don nauyin iska bai taka kara ya karya ba.

Injiniya Bala: Malam ya gama magana. Yanzu ku dubi yadda abin ya faru da abokin nata. Sa 13.6 a wurin 12.6 ya kumbura Q na lissafi da kusan kashi 4 cikin ɗari. Barin 0.968 ɗin can ya rage shi da kashi 3 da ɗoriya. Suka haɗu suka kusa share juna, ya samu lamba mai kyan gani. Da zai gyara ɗaya kawai, wato ya sa 0.968 amma ya bar 13.6, zai ga 0.94, shi ma ya shigo nan yana tambaya. Kuma wannan dacen na β 0.5 ne kaɗai. A kai shi kan benturi mai maƙogwaro milimita 35 a bututun 50, abin da ya bari ya koma 0.87, Cd ɗinsa ya tashi wajen 1.08.

Shi Cd ba a auna shi da kansa. Abin da tanki ya tara ne ake rabawa da abin da takarda ta ce. Duk kuskuren da aka yi, na agogo, na ido, na kalkuleta, cikinsa yake zubewa. Saboda haka ni in na ga 0.97 a rahoto, layukan sama nake fara karantawa.

Abba Kongo: Na karɓa a kan 12.6. Amma maganata ta farko tana nan, Cd ba ya wuce ɗaya.

Injiniya Bala: A benturin da aka auna daidai, da ruwa zalla, eh. Lissafin takarda ya ɗauka ruwa ba ya gogar bango, a zahiri kuwa yana goga, sai abin da ya wuce ya ɗan gaza. Amma gazawar kaɗan ce. Ƙa'idar ISO 5167 ta ba benturin da aka fere cikinsa da inji 0.995, wanda aka zuba a zubi 0.984. Kun ga tsakaninsa da ɗaya taku guda ne, ɗan kuskure kaɗan zai tsallakar da shi. Misali maƙogwaron nan. Sadiya, ke kika auna 25 ɗin, ko a jikin allo kika gani?

Sadiya Samaru: A takardar gwajin aka rubuta. Na'urar a haɗe take, ba yadda za a yi mu sa ma'auni a ciki.

Injiniya Bala: To ki rubuta haka a rahotonki. In a ce faɗin na gaskiya 25.5 ne, rabin milimita kacal, lissafin zai motsa da kashi 4 cikin ɗari, don faɗin ana ninka shi ne a kansa. Agogon da kowa ke zargi kuwa, ko kin makara da sulusin daƙiƙa a cikin 40, bai kai kashi 1 ba. Kuma waɗancan lambobin na ISO na ruwa ne mai gudu sosai, lambar Reynolds daga dubu 200 zuwa sama. Naku ruwan yana tafiyar mita 1.26 a daƙiƙa a bututun milimita 50, lambar tana wajen dubu 70. Don haka 0.98 ya yi ma'ana, ko ya ɗan gaza haka ma ba abin mamaki ba ne.

Hajara T/Wada: Ni tawa matsalar daban ce, amma tunda an buɗe fage. Mu orifis muka yi a makon da ya wuce, faranti mai rami a tsakiya, shi ma 25 a cikin 50. Cd ya fito mana 0.62. Na ɗauka mun ɓata gwajin ne har na sake lissafi sau da yawa. Yaya za a yi rami ɗaya, bututu ɗaya, wannan 0.98 wancan 0.62?

Abba Kongo: Wannan kam na sani. Orifis yana cin ƙarfin ruwa sosai, ruwan yana bugun faranti yana asara. Kusan kashi 38 na ƙarfin ya tafi, shi ne ya rage 0.62.

Malam Tukur: Abba ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Orifis yana jawo asara, gaskiya ne, amma ba ita ce ta ba da 0.62 ba.

Hajara 'yata, in na'urarku mai bututun gilashi ce, ki sa ido a bayan farantin in an buɗe ruwa. Wani lokaci in akwai 'yan kumfa za ki ga hanyar da suke bi. Ruwan da ya taho ta gefen bango dole ya karkato zuwa tsakiya don ya sami rami. Da ya wuce bakin ramin ba ya iya miƙewa nan take, yana ci gaba da matsewa, sai a ɗan gaba kaɗan, kamar rabin faɗin bututu, ya kai iyakar sirancewarsa. A wurin, kaurin ruwan da ke gudu bai fi kashi 60 da wani abu na bakin ramin ba. Kewayensa duk ruwa ne mai juyawa a wuri ɗaya. Ke kuma a lissafi bakin ramin kika sa gaba ɗaya, don shi ne kike iya aunawa. To Cd ne ke gyara miki wannan. Benturi kuwa a hankali ake rako ruwan, bangon yana tsukewa da kusurwa wajen digiri 21, ruwan ya cika maƙogwaro taf, babu abin gyarawa sai ɗan gogar bango.

Saboda haka 0.62 ɗinku lafiya lau ne. Da kun sami 0.9 a orifis, shi ne zan ce ku je ku duba.

Hajara T/Wada: Allah ya saka da alheri Baba. Ke nan ba ruwan ne ya ragu ba.

Malam Tukur: Ina zai je? Abin da ya shiga shi ke fita.

Injiniya Bala: Asarar da Abba ke magana a kai tana faruwa ne bayan ramin auna matsi na biyu, shi ya sa manomita ba ta ganinta. Mu ɗauki ruwan Sadiya, lita 2.47 a daƙiƙa. A benturi ya ba da milimita 100 na makuri. A orifis mai rami 25 zai ba da kusan 260, wato sama da mita 3 na ruwa. A benturi, bayan maƙogwaro bututun yana buɗewa sannu a hankali, digiri 7 zuwa 15, ruwan ya rage gudu cikin natsuwa, matsin ya dawo kusan duka, abin da ke salwanta bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 na bambancin ba. A orifis ruwan faɗawa yake cikin fili kawai ya hautsine, kusan kashi uku cikin huɗu na bambancin ba ya dawowa. Mita 2 da wani abu ke nan da famfo zai riƙa biya kullum, a inda benturi bai ci ko rubu'in mita ba. Orifis ya fi araha a saye, benturi ya fi araha a riƙe.

Alhaji Sani Dakace: Salamu alaikum jama'a. Ina ta karantawa, rabin lissafin ya wuce ni, amma abin ya shafe ni. Ina noman rani a bakin Galma, tumatir da albasa, injin ban ruwa mai inci biyu. Mu uku muke amfani da injin, kullum rigima a kan wa ya fi shan ruwa da mai. Wannan farantin mai rami, ba zan iya kai wa mai walda ya yanka min ba, in sa a tiyo in riƙa ganin abin da ke wucewa?

Injiniya Bala: Alhaji barka da aiki. Zai yiwu, amma bari in faɗa maka abin da za ka tarar. A ce injinka yana tura lita 5 a daƙiƙa. In ka sa rami 25 irin na ɗaliban nan, bambancin matsi zai haura mita 13 na ruwa, wajen mita 10 kuma asara ce. Ka shaƙe injinka ke nan, ruwan da zai isa fadama ya ragu, mai kuma yana ƙonewa. Dalili shi ne matsin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ruwan: in ruwa ya ninka biyu, bambancin matsi ninkawa huɗu yake. Sai dai ka buɗe ramin zuwa 35, bambancin ya sauko kusan mita 2.8, asarar wajen rabinsa.

Sannan makuri kada ya kusanci gonarka. Guba ne, kuma in aka buɗe ruwa da ƙarfi lokaci guda, yana iya tsallakewa daga gilashin ya bi tiyo ya shiga bututu.

Ni a wurinka durom zan nema mai lita 200 da agogon waya. In ya cika a daƙiƙa 40, lita 5 ke nan. Kowa a auna a bakin tiyonsa, a rubuta awannin da ya yi.

Malam Tukur: Injiniya a nan ban bi ka ba duka. Durom yana faɗa maka na lokacin da ka auna ne kawai. In kogi ya ja baya da rana, ko an ƙara wa inji wuta bayan ka juya baya, durom bai sani ba. Abin da Alhaji ke so shi ne abin da zai kalla kowane lokaci. Kuma ba sai da makuri ba. Farar tiyo mai nuna ciki, a kifa ta ta zama U mai kallon ƙasa, a ɗaure a jikin gora, iska a sama ruwa a ƙafafu biyu. Bambancin tsayin ruwan shi ne H kai tsaye, babu 12.6 babu komai. Sai ya yi amfani da durom ɗin naka sau uku ko huɗu, a gudu daban-daban, ya sa alama a jikin gorar. Ya sami nasa Cd ɗin ke nan ba tare da ya san sunansa ba.

Injiniya Bala: Gora mai mita 3 a tsakiyar fadama, Malam? Kuma ruwan Galma da yashi da laka. Ramukan auna matsi ƙanana ne, laka za ta toshe su. Yashi kuma zai cinye kaifin bakin farantin. Da bakin ya dakushe, ruwan ba ya matsewa kamar da, Cd ya hau, bambancin matsi ya sauka, gorar ta riƙa nuna ƙasa da abin da ke wucewa. Mai shan ruwa da yawa shi zai ci riba.

Malam Tukur: Sai ya sake gwadawa da durom duk wata. Ramukan kuma a huda su a gefen bututu, ba a ƙasa inda laka ke kwanciya ba, ba a sama inda iska ke taruwa ba. Na ga an yi, ya kuma yi aiki daidai gwargwado.

Alhaji Sani Dakace: To ni yanzu wanne zan ɗauka? Manya biyu sun rabu.

Nura Fulamba: Alhaji in dai za a yi, kada a sa a tiyon roba mai lanƙwasa. A samu fayif miƙaƙƙe. Wannan ko ni na sani, ruwa in ya fito daga gwiwa a murɗe yake tafiya.

Injiniya Bala: Nura ka faɗi abin da na manta. Ana son miƙaƙƙen bututu kafin faranti, in akwai gwiwa a baya a ba shi kamar tsawon faɗin bututun sau 20 ko fiye, a bayansa kuma sau 6 zuwa 7. A inci biyu, mita ɗaya da ɗori ke nan kafin farantin. Kuma gefen ramin mai kaifi shi ke fuskantar inda ruwa ke tahowa, gefen da aka fere ya kalli inda ruwa ke tafiya. In aka juya shi, zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya sosai. Alhaji, fara da durom a wannan makon, ka san ko lita nawa injin ke bayarwa. In ka kawo lambar sai mu san girman ramin da za a yanka, in ma za a yanka.

Sadiya Samaru: Ku yi haƙuri in dawo da ku baya kaɗan. Na gyara sauran layukan duka da 0.968, guda huɗu sun zauna tsakanin 0.96 da 0.98. Amma na ƙarshe, da muka rage bawul sosai, ya ƙi. Makuri milimita 4, lita 20 cikin daƙiƙa 37. Cd ya fito 1.07. In cire shi daga teburin?

Abba Kongo: Cire shi. Wa zai sani?

Injiniya Bala: Kada ki cire. Ki bar shi ki yi bayaninsa, wannan layin ya fi sauran koyarwa. Duba: milimita 4 ya ba ki lita 0.50 a takarda, tanki ya ce 0.54. Yanzu ki ɗauka tsayin na gaskiya 5 ne ba 4 ba. Takarda za ta ce 0.56, Cd ya koma 0.96. Milimita ɗaya tak. A can sama inda kike da 100, milimita ɗaya rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari na ruwan, ba wanda zai lura. A nan ƙasa ya zama kashi 12. Kuma ƙafa biyu kike karantawa ki cire ɗaya daga ɗaya, kowace da nata rabin milimitan. Wannan shi ne raunin duk mitar da ke aiki da tsukewa: in ruwa ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin biyar, makuri ya sauka zuwa ɗaya cikin 25. Shi ya sa a aikace ba a cika yarda da ita ba in ruwa ya gaza sulusi ko rubu'in iyakarta.

Malam Tukur: Ni kuma ina zargin iska. Sadiya, kafin ku fara, kun rufe bawul na gaba, ruwa ya tsaya cik a bututu, kun duba ko makurin ya daidaita a ƙafafu biyun?

Sadiya Samaru: Gaskiya ba mu duba ba, Baba. Mun tarar da wasu sun gama, muka ɗora daga inda suka tsaya.

Malam Tukur: To. Kumfar iska in ta maƙale a tiyo inda yake tsaye, ta cika faɗinsa, ta kore ruwa daga wurin. Tsawon kumfa milimita 13, ƙasa da faɗin ɗan yatsa, daidai yake da milimita ɗaya na makuri. Kuma wannan kuskuren ba ya canzawa, yana nan a kowane layi, a babban ruwa ya ɓuya, a ƙarami ya fito fili. Tiyon da ya tsufa ya yi ruwan ƙasa ba za ki ga kumfar ba sai kin haska tocila ta bayansa. Maganinta a buɗe 'yan bawul ɗin da ke saman manomita a bar ruwa ya zuba har ya daina tofi, ana ɗan ƙwanƙwasa tiyon da yatsa. A hankali fa, kada makuri ya biyo.

Injiniya Bala: Zai iya zama iska, zai iya zama ido. Daga nan ba za mu iya rabewa ba, amma alƙalumanki za su iya ba da alama. Ki zana Q² a tsaye, h wato bambancin tsayin makuri a kwance. Ya kamata ɗigogin su hau miƙaƙƙen layi da ya ratsa ta sifili. In layin ya miƙe amma ya yanki gefen h a wajen milimita ɗaya daga sifili, maganar Malam ce. In ɗigon ƙarshe ne kawai ya bauɗe, karatu ne. Sai dai da ɗigo shida, milimita ɗaya yana iya ɓacewa a cikin warwatsuwarsu, kada ki matsa wa zanen ya faɗi abin da bai faɗa ba. Cd na rahoto kuma ki ɗauke shi daga gangaren layin, kada ki tara shidan ki raba, don na ƙarshen zai ja sauran sama.

Hajara T/Wada: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Namu orifis ɗin a tsaye aka kafa shi, ruwa yana hawa sama. Wani a ajinmu ya ce sai mun cire tazarar da ke tsakanin ramuka biyun daga H. Haka ne?

Abba Kongo: Ai dole. Ramin sama ya fi na ƙasa tsayi, ko ruwa bai motsa ba matsinsu ba ɗaya ba ne.

Injiniya Bala: Matsinsu ba ɗaya ba ne, gaskiyarka. In geji biyu ka ɗaura, ɗaya a kowane rami, sai ka cire tazarar. Amma manomita ta riga ta cire maka. Tiyon da ya fito daga ramin sama ya fi tsawon gangara, ruwan da ke cikinsa ya mayar da abin da tsayin ya rage. Gwajin Malam Tukur ma ya isa shaida: a tsayar da ruwa, makuri zai daidaita ko a kwance na'urar take ko a tsaye. Hajara, h ɗin da kika karanta shi za ki ninka da 12.6, kada ki ƙara kada ki rage.

Abba Kongo: Wannan sai na gani da idona. Sadiya in za ki koma ki kira ni.

Sadiya Samaru: Na yi magana da mai kula da ɗakin, ya ce in zo gobe da ƙarfe tara kafin 'yan aji na gaba su shigo. Zan fara duba sifilin kafin in taɓa komai, in ɗauki hoto, sannan mu fitar da iska in sake na ƙaramin ruwan. Amma tamu a kwance take, Abba, ta su Hajara ce a tsaye.

Alhaji Sani Dakace: Durom ɗin da nake da shi na man gyaɗa ne, ban tabbata lita 200 cif yake ci ba. Akwai yadda zan gane?

Nura Fulamba: Jarka mai lita 25, Alhaji. In ta shiga sau takwas, shi ne. Ka cika ta zuwa layin da ke jikinta, ba har wuya ba.